Tu ko vous, tú ko usted: yadda mai fassara ke yanke shawara idan ya ci karo da "you"

A wani ɗan gajeren fim da aka taɓa ba ni in mayar da maganganunsa daga Ingilishi zuwa Faransanci, akwai wurin da wani magidanci ya durƙusa a gefen gadon mahaifinsa a asibiti yana lallashinsa ya sha magani. A Ingilishin yana ce masa *sir*. Ban tsaya wani dogon tunani ba, na sa masa *vous* tun daga farko har ƙarshe, don a ganina ɗa mai tarbiyya ba zai yi wa ubansa magana kamar yana yi wa sa'ansa ba. Wadda ta duba aikin, wata 'yar Damagaram da ta yi dukan karatunta da Faransanci, ta maido mini da takardar da tambaya ɗaya a gefe: "Malam, wannan yaron ubansa ya taɓa korarsa daga gida ne?"

Tambayar ta nuna mini inda na yi kuskure. Na ɗauki *vous* a matsayin girmamawa, alhali a Faransancin yau babban aikinta nuna tazara ne. Ɗa yana ce wa mahaifinsa *tu*, jika tana ce wa kakarta *tu*, kuma mai addu'a da *tu* yake kiran Ubangijinsa: a fassarar Fatiha ta Faransanci za ka ga *C'est Toi que nous adorons*, haka ma addu'ar nan ta Kirista da Faransawa ke kira *Notre Père* ta koma *tu* tun 1966. Wanda ka fi girmamawa a duniya na iya zama wanda kake ce wa *tu*, wanda ba ka ɗauke shi a bakin komai ba kuma ka ce masa *vous* har ku rabu.

Mu Hausawa muna da sa'a ta wani ɓangaren. Kunnenmu ya saba da *kai* da *ke* da *ku*, saboda haka mun san cewa *you* tana ɓoye abubuwa. Sai dai girmamawarmu ba a cikin wakilin suna ta fi zama ba. Muna ce wa sarki "ranka ya daɗe" da sigar mutum ɗaya, mu zuba ladabin a cikin durƙuso da sauke murya da ƙin kama suna. Idan muka ce wa dattijo "kun tashi lafiya?", wannan *ku* ɗin ladabi ne tsantsa, babu nisantarwa a ciki. Shi ne ke yaudarar mai fassara Bahaushe, ya zaci *vous* 'yar'uwar *ku* ce.

Da farko, gano wace "you" ce

Ingilishi ma ya taɓa rarrabewa. *Thou* ce ta mutum ɗaya, *ye* da *you* na jam'i da na ladabi, sai *thou* ta ɓace daga maganar yau da kullum a wajajen ƙarni na 17, ta bar *you* tana ɗauke da kayan kowa. Kafin ka yi tunanin kusanci ko tazara, tsaya ka tambayi kowace *you* abu uku.

Na ɗaya, mutum nawa ake yi wa magana? Idan da yawa ne, a Faransanci magana ta ƙare, *vous* ce ko da yara ne 'yan shekara uku. Ingilishi kan bar sawu: *yourselves* maimakon *yourself*, ko *you guys*, *you all*, *both of you*. A fim kuma idon mai magana ne zai gaya maka.

Na biyu, da gaske akwai wanda ake nufi? Idan aka ce *you never know*, ba kowa ake yi wa magana ba, irin "ba a sanin gobe" ne namu. Faransanci ya ce *on ne sait jamais*, Sifaniyanci ya ce *nunca se sabe*. Irin wannan *you* ɗin ba ta shiga lissafi ko kaɗan, kuma rabin ruɗanin sababbin masu fassara daga tilasta mata zama *tu* ko *vous* yake fitowa.

Na uku, namiji ne ko mace? Wakilin sunan bai damu ba, amma sifar da ke biye da shi ta damu. *Vous êtes fatigué* ga tsoho, *vous êtes fatiguée* ga tsohuwa. Lura da wannan sosai: *vous* ta ladabi tana jan aikatau na jam'i, amma sifar tana zama ta mutum ɗaya. Wanda ya rubuta *vous êtes fatigués* alhali tsoho ɗaya ne a kan gado, ya cika ɗakin da marasa lafiya. A kunne duk ɗaya suke, a rubuce ne asiri ke tonuwa.

Abin da ya rage bayan wannan tacewar, wato mutum ɗaya takamaimai da ake fuskanta, shi ne aikinmu.

Tambayi mai aiki: wa zai karanta, kuma a ina?

Wannan tambayar ana yin ta kafin a fassara layin farko, tun ran gini ran zane. A Faransanci bambancin ƙasashe yana nan amma da sauƙi. Mutanen Kebek sun fi na Faransa saurin komawa *tu*. A kasuwannin Yamai ko Garwa za ka ji *tu* tana yawo tsakanin mutanen da ba su san juna ba, haɗe da *tonton* ko *tantie* ko *mon frère*, kuma ba wanda ya ji an raina shi, don lakabin ya riga ya ɗauke nauyin ladabin. Amma wannan a baki ne. Da zarar abu ya hau takarda ya fito daga wata hukuma ko ƙungiya, *vous* ake jira, kuma akwai dalili na tarihi: Turawan mulkin mallaka sun saba ce wa kowane Ba'afirke *tu*, ko dattijo ne mai furfura, su kuma a ce musu *vous*. Takardar wata ƙungiyar waje da ta buɗe da *tu* ga manoman Maraɗi za ta iya taɓo wannan tsohon miki ba tare da marubucinta ya sani ba. A Faransa kanta, dokar ɗa'ar aikin 'yan sanda da jandarma da ta fara aiki a 2014 ta wajabta musu ce wa jama'a *vous*.

A Sifaniyanci kuwa, in ba ka san ƙasar ba, ba ka ma fara ba. A Sifen *tú* ta mamaye kusan ko'ina, abokan aiki da ɗalibai da malamansu na jami'a da masu shago duk suna amfani da ita, *usted* ta koma ta tsofaffi da ofisoshin hukuma. A Meziko *usted* ta fi ƙarfi. A Ajantina da Urugwai da Faragwai da yawancin Amurka ta Tsakiya akwai ta uku, *vos*, mai nata tsarin aikatau: inda ɗan Madrid zai ce *tú tienes*, ɗan Buenos Aires *vos tenés* zai ce. A Kosta Rika da wasu sassan Kolombiya kuma *usted* ta shige cikin gida, uwa na iya faɗa wa ɗanta ita, miji ya faɗa wa matarsa, kuma kusanci ne ba fushi ba. Jam'i ma ya rabu biyu. Yawancin Sifen na da *vosotros* don waɗanda aka saba da su da *ustedes* don baƙi, ita kuwa Latin Amurka *ustedes* kaɗai ta sani. Ka sa wa ɗan Meziko *vosotros*, zai gane maganar, amma zai ji kamar daga tsohon littafi aka karanto masa.

Idan mai aikin ya ce "Sifaniyancin kowa da kowa nake so", nemi ya rubuta maka hakan, sannan ka gaya masa abin da za ka yi: *tú* ko *usted* ga mutum ɗaya, *ustedes* ga jam'i, babu *vos* babu *vosotros*.

Zana jadawalin waye ke ce wa waye me

Nan ne zuciyar aikin, kuma a nan zan daɗe. Ba a zaɓar *tu* ko *vous* layi-layi. Ana zaɓa ne ga kowane mutum biyu, kuma ta kowace fuska, don abin da likita ke ce wa mai jinya ba lallai ne ya zama abin da mai jinya ke ce wa likita ba. Masana biyu, Roger Brown da Albert Gilman, sun bayyana wannan tun 1960: abu biyu ne ke juya zaɓin, iko da kusanci. Inda iko ya yi rinjaye, na sama ya ce *tu* a mayar masa da *vous*. Inda kusanci ko rashinsa ya yi rinjaye, su biyun su yi amfani da iri ɗaya.

Ka karanta rubutun gaba ɗaya, ko ka kalli fim ɗin har ƙarshe, ba ka fassara komai ba. Sannan ka ɗauki takarda ka jera mutanen a tsaye da kuma a kwance. A fim ɗin da na ambata mutum shida ne: babbar likita mai shekara hamsin da wani abu, sabon ma'aikacin jinya saurayi, wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a wurin, tsohon da ke kwance, ɗansa, da jikarsa 'yar shekara tara. Mutum shida na ba da gurbi 30, amma da yawa ba sa ma haɗuwa, saboda haka abin da za ka cika bai kai rabi ba.

Fara da masu sauƙi. Ɗa da uba, *tu* ta kowane ɓangare, ko da ya ce *sir*, don a Ingilishin Afirka ta Yamma *sir* ga uba ladabin gida ne. Na mayar da ita *papa*, ladabin kuma na zuba shi a cikin taushin jimlar. Kaka da jika, *tu*. Duk wani babba da ya yi wa yarinyar magana, *tu*. Ita yarinyar ga ma'aikacin jinya fa? 'Yar shekara huɗu za ta ce wa kowa *tu*, amma 'yar tara ta shiga makaranta, ta san baƙo, na ba ta *vous*. Ma'aikatan jinyar biyu, aiki ɗaya suke yi, tare suke cin abinci, *tu* daga ranar farko.

Saurayin da tsohon su ne misalin da bai daidaita ba. Saurayin yana bakin aiki, yana fuskantar sa'an kakansa, babu wata hanya sai *vous*. Jimlar *You need to take your medicine* ta zama *Vous devez prendre vos médicaments*. Tsohon kuma yana ce masa *my son* yana dafa hannunsa. Da na sa masa *vous* da ya zama tsohon ma'aikacin gwamnati mai kame kai, alhali a fim ɗin dattijon ƙauye ne da ke kallon kowane saurayi a matsayin ɗa. Sai na ba shi *tu*: *Merci, mon fils, tu es gentil*. Ga likitar kuwa, tsohon nan *vous* yake cewa, don farar rigarta da muƙaminta sun gina katangar da furfurarsa ba ta tsallaka ba.

Mai wuyar ita ce likitar da saurayin. A farkon fim ɗin yana kiranta *Doctor*, can a minti na goma sha biyu ta ce masa ya riƙa kiranta da sunanta kawai. Hannu na ƙaiƙayi a nan, mutum ya ce to ai an ba da izini, a koma *tu*. Kada ka yi gaggawa. A wuraren aiki na masu jin Ingilishi, musamman Amurka, kiran shugaba da sunan yanka ba wani abu ba ne, sabon ɗan aike ma na yi. Faransanci yana da matakin tsakiya da ya dace da wannan daidai, wato sunan yanka tare da *vous*. Ta sassauta, amma ba ta buɗe ƙofa gaba ɗaya ba. Na bar su a haka har kusan ƙarshe.

Sawun da ake bi a Ingilishi don cika gurbin ke nan: lakabi da sunan mahaifi irin *Mr* da *Dr*, sunan yanka, sunan wasa, doguwar roƙo irin *would you mind*, umarni kai tsaye, ashar, zolaya, taɓa jiki. Babu ɗaya a cikinsu da ya isa hujja shi kaɗai. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, da waɗannan mutum biyu da Faransanci aka haife su, a wannan wuri da wannan zamani, me zai fito daga bakinsu? Zamani na da tasiri ƙwarai. Labarin da ya faru a gidan masu hali a ƙarni na 19 zai iya sa miji da mata su ce wa juna *vous*, wanda a labarin yau zai zama abin dariya ko alamar aure ya mutu.

Zaɓi wurin sauyi da hannunka

Ingilishi ba ya sauya wakilin suna, saboda haka duk inda *vous* ta koma *tu* a fassararka, kai ne ka ƙirƙiri wannan lokacin, kuma mai kallo zai ji shi kamar an kunna fitila. Faransanci har aikatau yake da su na musamman, *tutoyer* da *vouvoyer*, Sifaniyanci kuma *tutear*, kuma a rayuwa ta gaske ana neman izini: *On peut se tutoyer ?* Al'ada ita ce babba ko mai muƙami ne ke fara tayin.

Tun da ba ka da ikon ƙara wa fim magana, nemi inda labarin da kansa ya karya katanga. A namu, akwai daren da wutar asibitin ta ɗauke, likitar da saurayin suka kwana a tsaye a kan tsohon da fitilar hannu. Da asuba suna zaune a bakin baranda, ta miƙa masa kofin shayi ta ce *You did well*. Nan na sa *Tu as bien travaillé*. Shi kuma ban bar shi ya mayar mata da *tu* nan take ba, don saurayi mai kunya ba zai yi tsalle haka ba. Amsarsa na gina ta ba tare da wakilin suna ba, *Merci, docteur*, sai a fage na gaba ya fara ce mata *tu*. Daga nan babu komawa baya. Idan bayan an koma *tu* ka bari *vous* ta sake ɓullowa da kuskure, mai kallo zai ɗauka sun ɓata.

Shi ya sa sauyin ke zama makami idan da gangan aka yi. Akwai fagen da ɗan tsohon ya fusata ya daka wa saurayin tsawa: *Who do you think you are?* Hanya biyu ce. *Pour qui vous prenez-vous ?* fushi ne mai sanyi, na mutumin da har yanzu yake riƙe da kansa. *Tu te prends pour qui ?* daga bakin wanda tun safe *vous* yake cewa, wannan cin mutunci ne, ya tuɓe wa yaron rigar aikinsa ya mayar da shi yaro. Na kalli fuskar ɗan wasan, jijiyar wuyansa a tashe, yana nuna shi da yatsa, na zaɓi ta biyu. Da ya dawo ba da haƙuri na mayar masa da *vous*, kuma wannan komawar ita kanta rabin ban haƙurin ce.

Rubuta duk wannan a jadawalin: minti ko shafi, wa ya fara, da dalili. In fim mai dogon zango ne da mutum uku ke raba sassansa, wannan takardar ce kawai za ta hana masoya su kwana da *tu* a kashi na huɗu su wayi gari da *vous* a na biyar.

Fim ɗin nan da Sifaniyanci

Jadawalin Faransanci ba ya ƙetarawa zuwa Sifaniyanci yadda yake, sai an sake cika shi. Idan don Sifen ne, likitar da saurayin za su iya fara *tú* tun ranar farko ba wanda zai ɗaga gira, wato fagen shayin nan ya rasa sauyinsa, sai a nemi ɗumin a zaɓin kalmomi. Idan don Meziko ne, *usted* za ta riƙe har zuwa daren, sauyin ya yi aiki kamar na Faransanci. Idan don Bogota ne, ɗan zai iya ce wa mahaifinsa *usted* kuma ya yi daidai, abin da ya zama kuskurena a Faransanci.

Sifaniyanci na da tarko biyu nasa. Na farko, yawanci ba a furta wakilin sunan, zaɓin a wutsiyar aikatau yake ɓuya. *Tienes que tomar* na *tú* ne, *tiene que tomar* na *usted*, harafi ɗaya ne tsakaninsu. Na biyu ya fi ciwo. *Usted* ta samo asali daga *vuestra merced*, wani lakabin girmamawa mai kama da "alherinku", shi ya sa take tafiya da aikatau irin na wanda ba ya nan, kamar yadda bafade zai ce "sarki ya ga dama" alhali sarkin na gabansa. Sakamakon haka, idan saurayin ya tambayi ɗan tsohon *¿Trajo su tarjeta?*, ana iya fahimtar "ka kawo katinka?", ko "ka kawo katinsa?", ko ma "ya kawo katinsa?". A asibiti wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda ruɗani zai yiwu, fito da kalmar fili: *¿Trajo usted la tarjeta de su padre?*

Idan mai karatu ne "you" ɗin

Takardar wayar da kai, fom, littafin amfani da na'ura, manhajar waya: a nan mutum biyu ne kawai, mai rubutu da mai karatu, shawara ɗaya ce kuma za ta bi dukan aikin. A Faransanci, in ba yara ko matasa ake nufi ba, ko kamfanin ya rubuta a ƙa'idarsa cewa *tu* yake so, ɗauki *vous*. Kuskuren *vous* inda ake son *tu* ɗan taurin kai ne kawai, kuskuren *tu* inda ake jiran *vous* raini ne. A Sifaniyanci manhajoji da tallace-tallace sun karkata sosai zuwa *tú*, amma banki da asibiti da takardar shari'a *usted* suka fi riƙewa.

Akwai kuma hanyar zillewa, wadda halal ce a irin wannan rubutu. Maɓalli da umarnin fom na karɓar aikatau tsirara: *Enregistrer*, *Saisir le mot de passe*, *Guardar*. Maimakon ka zaɓa tsakanin *¿Olvidaste tu contraseña?* da *¿Olvidó su contraseña?*, sai ka rubuta *Recuperar contraseña*, Faransanci kuma ya ce *Mot de passe oublié ?* Amma zillewa ba ta ɗaukar dogon sakin layi. Shafi guda ba tare da an fuskanci mai karatu ba, kamar sanarwar tashar mota yake zama.

Dubawar ƙarshe

Kuskuren da ya fi yawa ba zaɓi mara kyau ba ne, gauraya ce. Wakilin sunan na da 'yan rakiya, kuma su ne ke zamewa: *ton, ta, tes* da *votre, vos*, *te, toi*, sigar umarni, da ƙananan kalmomin ladabi. *Asseyez-vous, s'il te plaît* jimla ce da na sha gani, kai na *vous* wutsiya ta *tu*. A Sifaniyanci kuma *haga clic* a sama, *tu cuenta* a ƙasa.

Abu biyu ne ke haifar da ita. Masu aiki da manhajar ajiyar fassara irin OmegaT ko Trados sun san tana yanka rubutu jimla-jimla, kuma idan *Are you ready?* ta sake fitowa za ta cika maka da fassarar baya. Wadda ka yi wa yarinya a minti na biyar, *Tu es prête ?*, sai ta faɗa bakin saurayi yana yi wa tsoho magana a minti na talatin, ga *tu* ga sifar mace. A aikin da ke da hira, kashe cikawa ta kai tsaye. Na biyun shi ne ƙarancin wuri a rubutun ƙasan allo, inda masu ba da aiki da yawa ke ƙayyade layi a haruffa 42. *Tu veux* ta fi *vous voulez* gajarta, sai gajiya ta sa ka sata. Rage wata kalmar daban, kada ka taɓa wannan.

Don kamo masu zamewa a takardar da ya kamata ta zama *vous* zalla, bincika kalmomin ɗaya bayan ɗaya da Ctrl+F, ko ka yi haka da grep, manhajar binciken kalmomi a cikin fayil:

```
grep -nwiE "tu|te|toi|ton|ta|tes" fassara.srt
grep -niE "\bt['’]" fassara.srt
```

Layi na biyu na kamo irin *je t'appelle* da *s'il t'arrive*. Binciken zai jawo 'yan kalmomin da ba ruwansu, misali *ton* mai ma'anar sautin murya, sai ka wuce su. Abin da ba zai kamo ba shi ne yawancin umarni, don *prends* da *prenez* ba su da wakilin suna a gefe, haka kusan dukan aikatau na Sifaniyanci. Waɗannan sai ido.

Ni yadda nake yi, ba na karanta fassarar daga farko zuwa ƙarshe a wannan zagayen. Ina ɗaukar gurbi ɗaya a jadawalin, misali saurayi zuwa tsoho, in bi layukansa kaɗai a jere ina furtawa da ƙarfi, sannan in koma tsoho zuwa saurayi. A haka na kamo wani *ne bouge pas* da ya maƙale a fagen allura, tsakanin layuka goma sha wani abu na *vous*, inda saurayin ke ce wa dattijon kada ya motsa. Na mayar da shi *ne bougez pas*, na haɗa jadawalin da fassarar na aika wa 'yar Damagaram, da ɗan bayani a kan fagen shayi da na tsawa, don kada ta zaci zamewa ce ta gyara mini su.